Rahoton Juma'a ya nuna manyan 'yan kasuwa sun karkata ga zinare, na bi su na yi asara

Nura Samaru: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai warware mini wani abu da ya hana ni barci. Daren Juma'ar da ta wuce wani ya turo hoton rahoton COT na zinare, wato ƙidayar mako-mako ta masu saye da masu sayar da kwantiragi a kasuwar Amurka, an ja layi a ƙarƙashin lamba ɗaya, an rubuta cewa rarar sayen Managed Money ta ƙaru da kwantiragi kusan dubu talatin a mako guda. Na ce to, tunda manyan masu kuɗi suna saye, ni ma bari in bi bayansu. Litinin da asuba na buɗe XAUUSD, wato cinikin zinare da dala wajen dillali, na sayi 0.05, daidai da oza biyar. Kafin la'asar ɗin Talata farashin oza ya sauko da dala 24, na rufe da asarar dala 120. Kuɗin da na tara ne na wata biyu daga gyaran waya. Shin rahoton ne ba gaskiya ba, ko ni ne ban iya karanta shi ba?

Bashir PZ: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Kuskurenka ɗaya ne, ka bi mutanen da ba a bi. Managed Money su ne 'yan cacar kasuwa, kullum a ƙarshen tafiya suke cika mota. Waɗanda ake bi su ne Commercial, masu haƙar zinare da manyan bankuna, su suka san kayan. In ka ga 'yan caca sun ƙara saye, kai sayarwa za ka yi. Da ka yi haka ranar Litinin, da yanzu dala 120 riba ce a hannunka.

Malam Yusha'u Kongo: Nura, sannu, Allah ya musanya maka. Kafin mu ce wa ake bi wa ba a bi, ina so ka yi mini abu ɗaya. Bar hoton da aka turo maka. Shiga shafin CFTC, hukumar Amurka mai fitar da rahoton, da kanka, cftc.gov, ka nemi Commitments of Traders, ka buɗe Disaggregated Futures Only, ɓangaren ƙarafa. Ka gangara har ka ga GOLD - COMMODITY EXCHANGE INC. A ƙarƙashin Managed Money akwai gida uku: Long na masu saye, Short na masu sayarwa, da Spreading. Ƙasa kaɗan akwai layin da ke nuna canjin da aka samu daga makon jiya. Duba mini gidan Long da gidan Short, wanne ne ya motsa a makon da kake magana? Sannan ka duba Open Interest a can sama, ya ƙaru ko ya ragu?

Nura Samaru: To Malam, bari a kawo wuta in buɗe a kwamfuta, a waya layukan sun cakuɗe mini.

Hajiya Rakiya: Ni ma tunda ana maganar zinare bari in sa baki. Ina sayar da sarƙa da ɗan kunne da awarwaro a gida, cikin gari, kuma bayan sallah nake son zuwa Kano saro kaya. Wannan rahoton naku zai gaya mini in jira ko in tafi yanzu? Don giram ɗin nan kullum sai hawa yake, amare kuma ba sa jira.

Malam Yusha'u Kongo: Hajiya barka da yamma. Zan zo kan taki, ki yi mini haƙuri in gama da Nura, don amsarki ta sha bamban da tasa.

Nura Samaru: Malam na duba. Gidan Long bai yi wani motsi ba, ɗan ƙari ne kaɗan. Gidan Short ne ya ragu sosai, kusan duk canjin daga nan ya fito. Open Interest kuma raguwa ya yi. Amma ai duk ɗaya ne ko? Rarar dai ta ƙaru.

Malam Yusha'u Kongo: Ba ɗaya ba ne, kuma nan kuɗinka ya tafi. Bari in bi da kai a hankali.

Rarar da aka ja wa layi ba lamba ce da take cikin rahoton ba. Mutane ne ke fitar da ita da kansu, su ɗauki Long su debe Short. To ragowar lissafi irin wannan hanya biyu take ƙaruwa: ko na farko ya ƙaru, ko na biyu ya ragu. Ga misali, kuma lambobin nan ni na tsara su don lissafi ya yi sauƙi, ba na wani mako ba ne.

A ce makon jiya Long 150,000 ne, Short 60,000. Rara 90,000 ke nan. Open Interest, wato jimillar kwantiragin da ke buɗe a kasuwar, a ce 480,000.

Wannan makon sai ka tarar Long ya koma 182,000, Short 62,000, Open Interest ya haura zuwa 515,000. Rara ta zama 120,000. A nan sabon kuɗi ne ya shigo. Mutane sun buɗe kwantiragin saye 32,000 da babu su a da, sun ajiye kuɗin jingina a kansu, suna jiran farashi ya hau.

Yanzu sake ɗauko makon jiyan nan dai, amma a ce wannan makon Long 152,000 ne, Short ya faɗo zuwa 32,000, Open Interest ya sauka zuwa 455,000. Debe ka gani, rara 120,000 ce ita ma. Ƙarin dubu talatin iri ɗaya, hoton da za a turo maka iri ɗaya. Amma abin da ya faru a kasuwa daban ne. Waɗanda suka sayar tun da farko da fatan farashi zai faɗi, su ne farashi ya hau musu, asara ta fara cin su, suka ruga suka saya don su rufe. Kwantiragi 28,000 suka rufe. Wannan saye ne na mai gudun ceton rai, ba na mai sha'awar kaya ba. Yana ɗaga farashi da ƙarfi na 'yan kwanaki, amma yana da iyaka, don wanda ya rufe ya gama, gobe ba zai sake saye ba. Ƙarin ma, su waɗannan mutanen su ne masu sayen dole da suke jibge a kasuwa, yanzu an cinye kusan rabinsu. In babu sabon mai saye da ya karɓi tafiyar, farashi sai ya tsaya ko ya zame.

Abin da ka gani a naka makon shi ne na biyu. An gaya maka masu kuɗi sun ƙara saye, alhali masu sayarwa ne suka tattara tabarmarsu.

Nura Samaru: Innalillahi. Wallahi ban taɓa tunanin lamba ɗaya za ta iya nufin abu biyu haka ba. Kuma wanda ya turo hoton bai sa gidan Short ba ma.

Aisha 'yar Gyallesu: Malam, ina da ɗan gyara a kan Open Interest, a gafarce ni in na yi kuskure. Na shekara ɗaya da rabi ina kwafe lambobin nan duk Asabar. Abin da na lura, ba kullum ne yake raguwa ba in masu Short suka rufe. In wanda ya sayar musu shi ma rufe nasa sayen yake yi, to kwantiragi ya mutu, jimilla ta ragu. Amma in wani sabon mai sayarwa ne ya karɓa, a ce banki, kwantiragin hannu kawai ya sauya, jimillar tana nan. Sannan duk lokacin da watan kwantiragi ya kusa cika, kamar ƙarshen Janairu ko ƙarshen Maris ko ƙarshen Yuli, Open Interest yakan faɗi don mutane suna sauya wata, ba don ra'ayinsu ya canza ba.

Malam Yusha'u Kongo: Gyaranki daidai ne, Aisha, na gode. Zinaren COMEX, wato kasuwar New York da rahoton ke ƙidayawa, manyan watanninsa su ne Fabrairu, Afrilu, Yuni, Agusta da Disamba, kuma kafin kowanne ya shigo akan yi wannan ƙaurar. Don haka Nura, gidajen Long da Short su ne hujjarka ta farko. Open Interest shaida ce ta biyu, in ta yi daidai da su sai ka ƙara natsuwa, in ta saɓa sai ka duba kalanda kafin ka yanke hukunci.

Akwai kuma abu na biyu da ya ci ka, shi ne lokaci. Rahoton da ke fitowa Juma'a ƙidayar ranar Talata ce. A New York ƙarfe 3:30 na yamma ake sakinsa, mu nan yana iso mana 8:30 na dare, in sun mayar da agogonsu baya a watan Nuwamba sai ya koma 9:30 har zuwa Maris. Kai kuma Litinin ka shiga. Lissafa: Laraba, Alhamis, Juma'a, kwana uku na ciniki sun wuce da rahoton bai san da su ba. Babban bankin Amurka in zai sanar da kuɗin ruwa, yawanci Laraba yake yi, kwana ɗaya bayan an rufe ƙidaya. Rahoton ayyukan yi na Amurka kuma yawanci Juma'ar farkon wata yake fita, sa'o'i kafin COT. Waɗannan biyun suna iya juya matsayin Managed Money gaba ɗaya, kai kana riƙe da hoton Talata kana cewa yau ne.

Bashir PZ: Duk na yarda da wannan, Malam, amma ba ka taɓa maganata ba. In 'yan caca suna gefe ɗaya, Commercial suna ɗaya gefen. Kuma tarihi ya nuna su ke cin nasara. Agustan 2018 fa? 'Yan caca suka cika gidan Short, zinare ya faɗo ƙasa da dala 1,200, kowa yana cewa ya mutu. Shekara guda bayan nan ya wuce dala 1,500. Wa ya yi gaskiya?

Malam Yusha'u Kongo: Misalinka na 2018 gaskiya ne, Bashir, haka aka yi. Managed Money sun koma rarar sayarwa mai yawan gaske a watan, farashi ya taɓa wajen dala 1,160 a tsakiyar Agusta, daga nan bai sake komawa can ba. Rabin maganarka da na yarda da shi ke nan: in 'yan hasashe suka taru a lungu ɗaya har ya cika, juyawa takan zo.

Inda muka rabu biyu ne. Na farko, ka ɗauko shekarar da ta yi maka daɗi. Ɗauko 2015. A watan Yuli Managed Money suka koma rarar sayarwa, karo na farko tun da aka fara wannan lissafin daga 2006. Wanda ya saya ranar da ya ga haka ya ga ɗan hawa na wata biyu ko uku, sannan farashi ya sake zubewa har wajen dala 1,050 a Disamba. Ƙasan gaske sai bayan wata biyar ta zo. Mai riƙe da zinare a akwati zai iya jiran wata biyar. Nura da 0.05 ɗinsa a kan bashin dillali, da dala 24 ta fitar da shi, ba zai iya ba.

Na biyu, maganar cewa Commercial sun fi kowa sanin inda farashi zai nufa. A zinare kusan kullum rarar sayarwa suke da ita, shekara da shekaru, farashi na hawa ko na sauka. Ba don suna ganin zai faɗi ba ne. Kamfanin da ke haƙa ko tacewa yana da zinare a hannu, sai ya sayar da kwantiragi don ya kulle farashin kayansa. Banki kuma, wanda za ka gani a gidan Swap Dealers, zai iya riƙe sandunan zinare a Landan ya sayar da kwantiragi a New York a kansu, ribarsa ita ce ɗan bambancin da ke tsakanin kasuwannin biyu. Rahoton ƙafa ɗaya yake nuna maka, ta New York, ɗaya ƙafar ba ta ciki. Kuma ka tuna kowane kwantiragi yana da mai saye da mai sayarwa. In 'yan hasashe suka ƙara saye dole wani ya sayar musu. Don haka lambar Commercial galibi inuwar ta 'yan hasashe ce, ba ra'ayi na biyu ba ne mai zaman kansa.

Bashir PZ: Inuwa ko ba inuwa ba, ni na jarraba, kuma sau uku cikin huɗu ta fishe ni. Ban yarda cewa bankunan nan ba su da ra'ayi ba. Mai riƙe da littafin cinikin kowa ya fi ni da kai ganin abin da ke tafe.

Malam Yusha'u Kongo: Ban ce ba su da ra'ayi ba. Cewa na yi a cikin lambar da aka ba mu babu yadda za ka raba ra'ayinsu da kariyar kayansu. Sau huɗu kuma ya yi kaɗan a gina ƙa'ida a kai. Amma in kana da ranakun da ka shiga da waɗanda ka fita, turo su mu duba tare, ina son gani.

Bashir PZ: Zan nemo su, suna cikin tsohuwar wayata.

Ustaz Kabiru Tudun Wada: 'Yan uwa, ina bin maganar tun ɗazu, kuma akwai abin da ba zan iya shiru a kai ba. Zinare yana cikin kayan da shari'a ta ce in za a musanya su da kuɗi sai hannu da hannu. Wannan da Nura ya yi, ya saya bai karɓi komai ba, ya sayar bai miƙa komai ba, da bashin dillali a kai, wataƙila har da kuɗin kwana. Nura ƙanina, kafin ka koyi karanta rahoton da kyau, ka tambayi malamin da ka amince da shi hukuncin cinikin kansa.

Nura Samaru: Gaskiya ne Ustaz, abin yana raina. Asusuna wanda ba a cire kuɗin kwana ne, an ce mini hakan ya wadatar, amma ban tambayi malami ba.

Ustaz Kabiru Tudun Wada: Cire kuɗin kwana matsala ɗaya ya ɗauke, maganar karɓar kaya tana nan. Malamai da yawa sun yi magana a kai. Ka je ka zauna da ɗaya, ka nuna masa yadda abin yake a wayarka, kar ka ba shi labari da baki kawai.

Malam Yusha'u Kongo: Nasihar Ustaz a wurinta take, ni ba mai fatawa ba ne. Abin da zan ƙara kawai, karanta rahoton daban, shiga cinikin daban. Ni kaina ban da asusu wajen kowane dillali. 'Yan tsabar zinare nake saya in ajiye in Allah ya hore, rahoton kuma ina duba shi ne don kar in saya a makon da kowa ya haukace.

Wannan ya kawo ni ga Hajiya, da ta yi ta haƙuri. Hajiya, farashin giram da kike biya a Kano abu uku ne suka haɗu: farashin oza a duniya da dala, tsarkin gwal ɗin, da kuɗin dala a naira. Oza ɗin zinare giram 31.1 ne. A ce, don lissafi kawai, oza dala 2,000 ce. Giram ya kama dala 64 da 'yan kai. Gwal mai lamba 21 kashi 21 cikin 24 ne zinare, sai ya dawo wajen dala 56. Sai ki ninka da kuɗin dala na ranar, ki ɗora kuɗin ƙira da ribar mai shago. Rahoton nan na farkon kawai yake ɗan haskawa. Kuma kin fi ni sanin abin da ya faru: a Yunin 2023 da aka saki naira, dala a hukumance ta tashi daga wajen 460 ta wuce 750 cikin kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ko da oza ba ta motsa ba, giram ɗinki ya ninka fiye da sau biyu. Babu layi ɗaya a COT da zai gaya miki wannan.

Hajiya Rakiya: Wallahi haka ne, Malam. A lokacin na sayar da wani saiti da safe, da na je mayar da irinsa bayan sati biyu kuɗin bai kai ba, sai da na cika daga aljihuna. To ke nan ni babu ruwana da rahoton?

Malam Yusha'u Kongo: Da ɗan ruwanki, amma kaɗan. In kika ji an ce 'yan hasashe sun cika gidan saye fiye da yadda suka yi a shekara biyu ko uku, kuma naira tana zaune wuri ɗaya, to raba sarinki gida biyu, kar ki zuba duka a mako ɗaya. In kuwa kina da amaren da suka riga suka ba da kuɗi, saro nasu yau, don ke cika alkawari kike yi, ba hasashe ba.

Hajiya Rakiya: Uku sun ba da kafin alƙalami. To nasu zan fara ɗaukowa. Allah ya saka da alheri.

Nura Samaru: Malam, wannan "cika" da kuke ta faɗa, ta yaya ake sanin an cika? Ni 120,000 ban san ko da yawa ba ne ko kaɗan.

Aisha 'yar Gyallesu: Bari in faɗi yadda nake yi, Malam ya gyara. Lambar ita kaɗai ba ta da ma'ana sai an gwada ta da na baya. A shafin akwai Historical Compressed, kana sauke na kowace shekara. Na jera rarar Managed Money a layin B na Excel, sabuwa a sama, mako 156, wato shekara uku. Sai in sa wannan:

```
=(B2-MIN(B2:B157))/(MAX(B2:B157)-MIN(B2:B157))*100
```

Zai ba ka lamba tsakanin sifili da ɗari. In ya ba da 95, rarar wannan makon ta kusa mafi girma a shekara ukun. In ya ba da 5, ta kusa mafi ƙanƙanta. A misalin Malam, in mafi ƙanƙanta a shekara ukun 20,000 ce, mafi girma 220,000, to 120,000 za ta ba da 50, tsakiya cif. Ka ga duk da tsallen dubu talatin, babu abin da ya cika.

Malam Yusha'u Kongo: Babu abin gyarawa. Kuma lura da abin da Aisha ta nuna maka, Nura: yawancin makonni a tsakiyar nan lambar take yawo, kuma a tsakiya rahoton ba ya cewa komai game da gobe. A shekara wataƙila 'yan makonni ne kawai yake da magana mai nauyi.

Ko a bakin iyakar ma akwai inda yake gazawa, kuma wannan ne ya fi damuna a 'yan shekarun nan. A Fabrairun 2020 rarar sayen 'yan hasashe ta kai ƙololuwa. A Maris farashi ya faɗo daga wajen dala 1,700 zuwa ƙasa da 1,500, ka ce rahoton ya yi gaskiya. Amma zuwa Agusta zinare ya wuce dala 2,000 karo na farko a tarihi, alhali rarar 'yan hasashe a COMEX ba ta koma inda take a Fabrairu ba. Wasu ne suka saya, ta hanyar asusun zuba jari masu ajiye zinare, kuma ba sa cikin wannan ƙidayar. Sannan a 2022 da 2023 manyan bankunan ƙasashe sun sayi sama da tan 1,000 kowace shekara, bisa ƙiyasin World Gold Council. Gwada da dubu talatin ɗin da ta ruɗe ka: kwantiragi ɗaya oza 100 ne, dubu talatin oza miliyan 3 ke nan, wajen tan 93 a takarda, wanda za a iya juyawa a mako mai zuwa. Babban bankin ƙasa kuwa in ya saya, rumbu yake kaiwa ya kulle. Shi da kasuwar Landan da ta Shanghai duk babu su a rahoton.

Bashir PZ: To in haka ne Malam, me ya rage? Ya makara da kwana uku, bai ga Landan ba, bai ga Shanghai ba, a tsakiya ba ya magana, a iyaka ma yana iya kuskure. Ai ka kashe rahoton da kanka.

Malam Yusha'u Kongo: Ban kashe shi ba. Akwai tambaya ɗaya da yake amsawa wadda ginshiƙin farashi ba zai amsa ba: hawan nan da na gani makon jiya, wa ya yi shi? Sabon mai saye ne, ko mai sayarwa ne ya gudu, ko kuwa gidajen biyu ba su motsa ba, wanda ke nufin sayen daga wajen New York ya fito? Kowanne daga cikin ukun yana da irin ƙarkonsa. Da Nura ya yi wannan tambayar daren Juma'a, da ba lallai ya san farashi zai sauka ba, amma da ya san dalilin da ya sa shi saye babu shi.

Aisha 'yar Gyallesu: Wani abu kuma ga wanda zai fara tara lambobin: kar ya haɗa Futures Only da wanda aka haɗa da Options a layi ɗaya, lambobinsu ba ɗaya ba ne. Na yi wannan kuskuren wata biyu kafin in gane me ya sa lissafina ke tsalle. Haka Non-Commercial, gidan 'yan hasashe na tsohon tsarin rahoto, ya fi Managed Money faɗi, don akwai wasu a cikinsa. Masu turo hotuna sukan ɗauko wannan yau, gobe wancan. Sannan in gwamnatin Amurka ta rufe ofisoshinta kan rikicin kasafi, kamar ƙarshen 2018 zuwa Janairun 2019, rahoton yakan tsaya makonni, in ya dawo tsoffin ƙidaya ake fara saki. A riƙa duba kwanan watan da ke saman teburin.

Nura Samaru: Na gode ƙwarai, Malam da Anti Aisha da kowa. Na sauke na shekara ukun, gobe in na rufe shago zan jera su. Ustaz, Asabar bayan magariba zan je wajen malaminmu da wayar. Sai tambaya ɗaya da ta rage mini: gidan Spreading fa? A makon nawa shi ma ya ƙaru sosai, kuma ban sa shi a lissafin ba.

Malam Yusha'u Kongo: Daidai ka yi da ba ka sa shi ba. Wannan mutum ɗaya ne ya sayi wata guda ya sayar da wani watan daidai wa daida, a ce ya sayi Disamba ya sayar da Agusta, don haka bai karkata ko'ina ba. Yana kumbura Open Interest dai, shi ya sa in ya yi tsalle sai ka cire shi a ranka kafin ka ce sabon kuɗi ya shigo. Juma'a in rahoto ya fito, turo mana Long da Short da canjinsu, amma kai za ka fara faɗin abin da ka gani kafin ni ko Aisha mu ce komai.

Bashir PZ: Ni ma zan sa na Swap Dealers kusa da nasa, mu ga wanda ya fi kusa da gaskiya zuwa ƙarshen wata.